An Ce Ka Samu Aikin, Amma Ba a Ba Ka Takarda Ba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Daidaita Albashi a Kumasi

Na yi shekaru ina aiki a ofishin biyan albashi, kuma saboda haka matasan Zango, daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba, sukan tare ni da tambayoyi iri ɗaya duk lokacin da aka kira ɗayansu aka ce masa ya ci intabiyu. Na tattara tambayoyin a nan, kuma zan bi misali guda daga farko har ƙarshe: wani matashi mazaunin Aboabo da wani kamfanin rarraba kaya a Kaase ya kira a waya, aka ce za a ɗauke shi aikin kula da sito a kan sidi 5,000 a wata.

1. An kira ni a waya an faɗi albashin. Me ya kamata in ce a wannan lokacin?

Ka yi godiya sosai, ka nuna farin cikinka a fili, amma kada ka ce "na amince" a kan adadin da ka ji yanzun nan. Yawancin asarar da na gani an yi ta ne a cikin minti biyun farko na irin wannan kira, lokacin da murna ta cika zuciya, mutum yana tsaye a bakin titi ko yana cikin mota, ya ce "to, ba matsala" tun bai san abin da ke cikin kuɗin ba. Abin da ya dace shi ne ka ce: "Na gode ƙwarai, ranka ya daɗe, ina son wannan aiki. Ina roƙo a aiko mini da bayanin albashin da sauran sharuɗɗa a rubuce, in duba, in dawo muku da amsa ranar Laraba." Ka ambaci ranar da bakinka, kwana biyu ko uku, domin wanda ya yanka wa kansa rana ba a ɗaukarsa mai ja da baya.

Kafin a ajiye waya ka yi tambaya ɗaya tak: wannan kuɗi kafin a cire haraji da fansho ne, ko kuwa shi ne zai shiga hannuna? Amsar tana canza komai, kamar yadda lissafin tambaya ta 4 zai nuna. Da ka gama, ka rubuta wa kanka sunan wanda ya kira, da ranar, da abin da ya faɗa, tun maganar tana sabuwa a kunnenka.

2. Shin maganar baki ba ta isa ba, tunda manajan da kansa ya faɗa?

Alkawarin baki yana da nauyi, amma ranar da aka samu saɓani kai ne za a nema ka tabbatar da abin da aka faɗa, kuma wanda ya faɗa ɗin wataƙila an canza masa wurin aiki ko ya ce ba haka yake nufi ba. Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003, wato Doka ta 651, ta tanadi a sashe na 12 cewa duk aikin da zai kai wata shida ko fiye dole ne a ƙulla shi da rubutacciyar yarjejeniya, sannan sashe na 13 ya wajabta wa mai ɗauka aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin manyan sharuɗɗan aikin cikin wata biyu da farawa. Saboda haka neman takarda ba zargi ba ne ga kowa, abu ne da doka ta riga ta ɗora wa kamfanin.

Sai dai ka lura da wata biyun nan. Wasu ƙananan kamfanoni sukan ce ka fara aiki tukuna, takarda za ta biyo baya, kuma idan ka yarda da haka ka rasa ƙarfin ciniki gaba ɗaya, domin ka riga ka bar inda kake. Idan cikakkiyar yarjejeniya ba ta samu da wuri ba, ka nemi aƙalla takardar ɗauka aiki mai sa hannu, ko saƙon imel daga adireshin kamfanin, mai ɗauke da muƙami, ranar farawa, tushen albashi da alawus. Duba tambaya ta 13 kan dalilin da ya sa wannan takarda ke gaba da ajiye tsohon aiki.

3. Neman ƙari ba zai zama rashin godiya ba, ko ya sa su fasa ɗaukata?

An rene mu da kunya, kuma yaron Zango da ya daɗe yana yawo da takardu yakan ji nauyin buɗe baki ya nemi ƙari a gaban wanda ya ba shi aiki. Na fahimci wannan, amma ka tuna cewa kamfanin ya riga ya kashe lokaci yana tace mutane har ya tsaya a kanka, kuma jami'in da ya kira ka sau da yawa yana da ɗan sarari tsakanin adadin da ya fara faɗa da iyakar da aka ba shi. Neman ƙari sau ɗaya, cikin ladabi, da hujja, ba kasafai yake jawo a fasa ba. Abubuwan da na ga suna ɓata magana su ne ƙaryar cewa wani kamfani ya ba ka fiye alhali babu, da dawowa sau uku kana ƙara sabuwar buƙata, da amincewa yau sannan ka tayar da ciniki gobe.

4. An ce sidi 5,000. Nawa ne zai shiga hannuna a ƙarshen wata?

Abu biyu ake cirewa. Na farko shi ne kason fansho: a ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2008, Doka ta 766, ana cire kashi 5.5 cikin ɗari na tushen albashinka, kamfani kuma ya ɗora kashi 13 daga aljihunsa. Na biyu shi ne harajin albashi da ake tura wa hukumar haraji ta GRA, wanda ake lissafawa hawa-hawa a kan abin da ya rage bayan an cire kason fanshon. A jadawalin da ya fara aiki a Janairun 2024, sidi 490 na farko a wata ba su da haraji, 110 na gaba ana cire kashi 5, 130 na gaba kashi 10, sannan 3,166.67 na gaba kashi 17.5, abin da ya haura wannan kuma kashi 25 har tsawon sidi 16,000. Ana sabunta jadawalin lokaci zuwa lokaci, don haka ka yi lissafinka da wanda ke aiki a ranar.

Mu ɗauka duka 5,000 ɗin matashin Aboabo tushen albashi ne. Kason fanshonsa sidi 275 ne, saura 4,725 da za a yi wa haraji. Hawa huɗu na farko, waɗanda suka tsaya a 3,896.67, harajinsu sidi 572.67 ne, ragowar 828.33 kuma a kashi 25 ta ba da 207.08. Jimlar haraji 779.75, abin da zai shiga asusunsa kuma 3,945.25. Wato wanda ya ji "dubu biyar" ya shiga gida ya sanar da mahaifiyarsa, ya yi wa mai gida alkawarin kuɗin haya a kan haka, zai tarar fiye da dubu guda ba ta iso ba.

Akwai wani lissafi da ya kamata ka riƙe a ka yayin ciniki: a wannan mataki na albashi, duk sidi 100 da aka ƙara maka a tushe, kusan 71 ne ke isowa hannu. Idan kana buƙatar ƙarin 500 a hannu, to ba 500 za ka nema ba, kusan 700 ne.

5. Sun raba kuɗin gida biyu, tushen albashi da alawus. Me ya dame ni da rabon tunda jimlar ɗaya ce?

A nan ne aka fi cutar sabon ma'aikaci ba tare da ya ji zafi ba a lokacin. Da bayanin ya iso wa matashin a rubuce, sai ya ga tushen albashi 3,000 ne, sauran 2,000 kuma alawus ɗin mota da na haya. Alawus da ake biya tsaba ana yi masa haraji kamar albashi, amma ba a lissafa fansho a kansa. Kasonsa na fansho ya sauka zuwa 165, harajinsa ya hau zuwa 807.25, abin da ke shiga hannu ya zama 4,027.75. A ido wannan ya fi kyau, domin ya ɗara lissafin tambaya ta 4 da sidi 82.50.

Amma dubi ɗaya gefen. Da tushen 5,000 ne, kamfani zai zuba masa 650 kowane wata, jimlar abin da ke shiga fanshonsa 925. A kan tushen 3,000 kamfani 390 kawai zai zuba, jimla 555. Saboda sidi 82.50 na yau, ana rage masa ajiyar 370 kowane wata, kamfanin kuma ya tsira da 260. Daga kashi 18.5 ɗin da ake tarawa, 13.5 ne ke tafiya hukumar fansho ta ƙasa, wato SSNIT, 5 kuma ga asusun mataki na biyu da ake biyan mutum a dunƙule idan ya yi ritaya. Fanshon wata-wata na SSNIT yana buƙatar aƙalla wata 180 na zubi, kuma ana auna shi ne da matsakaicin shekaru uku mafi tsoka na albashin da aka yi zubi a kansa, ba da alawus ba. Na ga dattijo da ya yi shekara ashirin da wani abu yana karɓar kuɗi mai kauri, ranar da aka nuna masa abin da fanshonsa zai kasance ya yi shiru ya daɗe yana kallon takardar, domin duk tsawon shekarun a kan ɗan ƙaramin tushe ake zuba masa.

Ba fansho kaɗai ba. A kamfanoni da yawa ƙarin albashin shekara, da bonas, da kuɗin ƙarin lokaci, duk a kan tushe ake lissafa su, kuma alawus ya fi sauƙin a taɓa shi idan kasuwa ta yi sanyi. Shi ya sa wani lokaci buƙata mafi amfani ita ce a mayar da wani ɓangare na alawus cikin tushe, ko da jimlar ba ta motsa sosai ba.

6. Ta yaya zan san adadin da zan nema?

Ka fara daga aljihunka, ka fitar da adadin da idan aka gaza shi sabon aikin asara ne. Matashin namu yana karɓar 3,400 a hannu a wani shago da ke Asawase, inda yake zuwa da ƙafa. Zuwa Kaase da dawowa, da ya lissafa motocin da zai hau, ya kama masa sidi 30 a rana, wato 660 a kwana 22 na aiki. Ke nan sai ya samu 4,060 a hannu kafin ma ya dawo daidai inda yake yau, alhali tayin da aka yi masa 4,027.75 ne. Albashin da ya ji kamar ya tashi daga dubu uku da ɗari huɗu zuwa dubu biyar ashe ragi ne na kusan sidi 30. Kuma da a ce ana aiki ranar Asabar, kuɗin mota zai kai 780, don haka tambayar kwanakin aiki tana cikin tambayar albashi.

Sai ya ajiye wa kansa adadi biyu a takarda kafin ya sake magana da kowa: 4,250 a hannu, wanda ƙasa da shi ba zai tashi daga inda yake ba, da 4,500, wanda shi ne burinsa. Da lissafin sidi 71 na tambaya ta 4, burin ya kama kusan 5,800 kafin cire-cire idan duka a tushe ne, kuma shi ne adadin da ya nema. Sannan ya tambayi mutum biyu da ke irin wannan aiki a wasu kamfanonin rarraba kaya, ba wai nawa suke karɓa ba, domin mutane ba sa son faɗar nasu, sai dai nawa ake ba sabon mai kula da sito a wurinsu. Idan abin da kake nema ya zarce abin da ake biya a fannin nesa ba kusa ba, buƙatarka ba za ta sa a biya ka shi ba, kuma gara ka san haka tun kafin ka buɗe baki.

7. Da wane lafazi zan gabatar da buƙatar?

A taƙaice, da adadi guda, da hujjar da ta shafi aikin. Ga yadda matashin ya faɗa wa jami'ar kula da ma'aikata: "Hajiya, na duba bayanin, kuma ina son in fara da ku. Na yi shekara huɗu ina riƙe da lissafin shigar kaya da fitarsu, ni nake yin ƙidayar ƙarshen wata, ba zan buƙaci dogon koyo ba. Idan aka cire haraji da kuɗin mota, tayin bai kai abin da nake samu yanzu ba. Ina roƙon a duba 5,800, kuma kaso mafi yawa ya kasance a tushe. Idan muka daidaita a kan wannan, zan sa hannu a makon nan." Daga nan ya yi shiru. Shirun yana da wuya, kuma da yawa sukan cike shi da "amma ko ba a samu ba ma ba komai", su rushe abin da suka gina da bakinsu.

Ka haɗa duk buƙatunka a zama ɗaya, kada su wuce uku, ka kuma nuna wadda ta fi muhimmanci. Kada ka kafa hujja da yawan iyali ko bashin da ke kanka, ko da gaskiya ne, domin jami'in zai kai maganarka ga na sama da shi, kuma abin da zai iya karewa a can shi ne ƙwarewarka. Idan aka nemi takardar albashinka ta baya, kana iya cewa ka fi son a auna ka da nauyin sabon aikin. Idan kuma ka zaɓi faɗar tsohon albashin, ka faɗi gaskiya, domin bayanan zubin SSNIT suna iya tona ƙarya.

8. Sun ce kasafin kuɗinsu ba zai ɗauki ƙari ba. Akwai wani abin da zan iya nema?

Akwai, amma da farko ka rarrabe abin da doka ta riga ta ba ka daga abin da ake ciniki a kansa, kada a ƙirga maka haƙƙinka a matsayin kyauta. Hutun shekara na aƙalla kwana 15 na aiki da cikakken albashi, da iyakar awa takwas a rana ko 40 a mako, da hutun haihuwa na aƙalla mako 12 ga mace, da zubin kashi 13 na fansho, duk wajibi ne a kan kamfani. Idan aka ce maka "ai muna biyan SSNIT" a matsayin dalilin ƙin ƙari, ba a ƙara maka komai ba.

Abin da ake nema a sama da wannan ya danganta da inda takalmi ke matsa maka. Ga mai mata da yara, inshorar lafiya ta kamfani da ta haɗa da iyali takan fi ƙarin sidi 200 daraja, kuma ka tambaya mutum nawa ta ɗauka da asibitocin da ake karɓarta. Ga mai nisan gida, motar ma'aikata ko abincin rana suna rage kashewa kai tsaye. Ga wanda zai sake gida, bashin haya marar ruwa da za a riƙa cirewa a albashi babban taimako ne, domin ko da yake Dokar Haya ta 1963 ta taƙaita kuɗin gaba ga wata shida, masu gidaje a Kumasi da Accra sun saba neman shekara ɗaya ko biyu. Bonas kuma yana da sauƙin haraji: wanda bai wuce kashi 15 na tushen albashin shekara ba, kashi 5 kawai ake cire masa, don haka albashin wata na goma sha uku da aka rubuta a yarjejeniya ya fi irin wannan kuɗi da aka watsa cikin alawus isowa hannu.

Akwai kuma abin da bai ci kamfani ko fesewa ba amma ya shafe mu kai tsaye, wato lokacin sallar Juma'a. Ranakun Ƙaramar Salla da Babbar Salla hutu ne na ƙasa, amma awa ɗaya da rabi na ranar Juma'a sai an yi magana. Faɗarsa yanzu, tare da nuna yadda za ka rama lokacin, ya fi sauƙi nesa a kan ka fara roƙon shugaban sashe kowane mako.

9. An ce in fara a haka, za a duba albashin bayan lokacin gwaji. In yarda?

Ka yarda idan an rubuta, kuma idan rubutun yana da rana da adadi. "Za a duba" ba ta ɗaure kowa, domin ana iya dubawa a bar shi yadda yake. Jumlar da ke da amfani ita ce irin wadda ta ce bayan kammala gwajin wata shida tushen albashi zai koma kaza daga ranar kaza. Ka tabbata tsawon gwajin ma an ƙayyade shi tun farko, kuma ka tambaya ko inshorar lafiya da zubin fansho za su fara daga watan farko. Zubin fansho ba ya jiran a tabbatar da kai.

Wanda ya ga Disambar 2022, lokacin da hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, ya san abin da jinkirin shekara guda ke yi wa albashi. Saboda haka ka tambaya a wane wata kamfanin ke yin ƙarin shekara, da ko wanda ya shigo a tsakiyar shekara yana shiga ciki. Wanda aka ɗauka a Oktoba, aka ce bai cika shekara ba a Janairu, yana iya zama wata goma sha biyar a kan adadi ɗaya.

10. Kawuna ne ya yi mini hanyar aikin. Ba zan kunyata shi ba idan na yi ciniki?

Ka je ka same shi kafin ka koma wa kamfanin, ka nuna masa lissafin kamar yadda yake a tambaya ta 6, ka ce: "Kawu, ga abin da suka ba ni, ga abin da zai rage bayan mota. Ina so in roƙi a gyara, amma ban so in yi ba da saninku ba." Yawancin manya idan suka ga lissafi a takarda sukan goyi baya, wani ma ya gaya maka iyakar abin da gidan ke iya biya. Amma kada ka tura shi ya yi cinikin a madadinka, domin kai za ka zauna da mutanen, kuma abin da aka ba ka don kunyar wani yakan zama abin gori daga baya.

11. Aikin gwamnati ma ana ciniki?

Kusan babu. Tun 2010 yawancin ma'aikatan gwamnati suna kan tsarin albashi na bai ɗaya da Hukumar Daidaita Albashi ke kula da shi, kuma matakin da aka ɗora muƙaminka shi ke yanke kuɗin. Abin da za ka bincika shi ne ko an sa ka a matakin da ya dace da takardunka da shekarun aikinka, da kuma ko Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izinin biyan albashin gurbin, domin wanda ya fara aiki kafin wannan izini yana iya yin watanni bai ga albashi ba.

12. Yaushe zan daina ciniki in karɓa?

Idan amsar da suka dawo da ita ta kai adadin ƙasa da ka rubuta wa kanka, kuma an sa ta a takarda, ka karɓa, ko da ba ta kai burinka ba. Jami'ar ta dawo wa matashin bayan kwana biyu da tushe 4,000 da alawus 1,400, jimla 5,400, da inshorar lafiya gare shi da matarsa da ɗa guda. Ya sake lissafi: fansho 220, haraji 893.50, a hannu 4,286.50. Wannan ya haura 4,250 da ya ajiye, bayan kuɗin mota yana gaba da tsohon aikinsa da kusan sidi 226, abin da ke shiga fanshonsa kuma ya tashi daga 555 zuwa 740 a wata. Bai samu 5,800 ba, kuma an gaya masa a fili cewa nan ne iyaka. Ya yi shawara da mahaifinsa, ya yi istihara, washegari ya sa hannu. A ganina ya yi daidai, domin zagaye na biyu a kan sidi ɗari ko ɗari biyu zai ci masa mutuncin da zai buƙata ranar da ya zo neman ƙarin girma.

Haka kuma akwai alamun da ke nuna a haƙura ko da kuɗin ya yi daɗin ji: an ƙi rubuta komai, ko an ce za a riƙa ba ka kuɗin a hannu ba tare da takardar albashi ko zubin SSNIT ba, ko ana matsa maka ka amsa cikin awa guda, ko an nemi ka biya wani kuɗi kafin a ba ka takardar ɗauka. Wanda ba shi da aiki a hannu yana iya sauke adadinsa na ƙasa, wannan hukuncinsa ne kuma babu abin kunya a ciki, amma ko shi ma kada ya sauke buƙatar takarda.

13. Yaushe zan sanar da tsohon wurin aikina, kuma me zan yi idan takardar ta zo da abin da ba mu yi magana ba?

Sai takardar mai sa hannu ta shigo hannunka, ka karanta ta layi-layi, ka mayar da kwafin da ka sa wa hannu, sannan ka rubuta takardar ajiye aiki. Sashe na 17 na Dokar Ƙwadago ya sa notis na wata ɗaya ga yarjejeniyar shekara uku ko fiye, mako biyu ga wadda ba ta kai haka ba, kwana bakwai ga ta mako-mako, amma ka duba tsohuwar yarjejeniyarka, domin tana iya ƙunsar wa'adin da ya fi wannan. Ranar farawa da za ka amince da ita a sabon wuri dole ta ba ka damar cika wannan notis. Idan suna gaggawa har sai ka biya kuɗi a madadin notis, wannan ma abin sakawa ne cikin buƙatun tambaya ta 7.

Idan takardar ta zo da bambanci, kada ka sa hannu da niyyar a gyara daga baya, domin abin da ka sa wa hannu shi ne zai yi magana ko a gaban Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa. Sau da yawa kuskure ne na wanda ya buga ta daga tsohon samfuri. Haka ta faru da matashin: takardar farko ta zo da tushe 3,000 kamar tayin asali, kuma babu maganar inshorar iyali. Ya aika da gajeren saƙo yana tunatar da abin da aka daidaita a kai, da adadin, ya roƙi a gyara kafin ya sa hannu. Gyararriyar ta iso masa da yammacin ranar, kuma sai da ya ajiye kwafinta a gida sannan ya je ya sami mai shagon Asawase da takardar notis ɗinsa.